Shekara shida a kan farashi ɗaya: imel ɗin ƙarin kuɗin fassara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai fassara ne a Gombe. Tun 2019 nake yi wa wata ƙungiya mai aikin lafiya fassara daga Turanci zuwa Hausa a kan naira 10 kowace kalma, wajen kalma 12,000 a wata. Hajiyar da take ba ni aikin ta zama tamkar yayata, kuma rabin abincin gidana daga wurinsu yake fitowa. Yanzu kuɗin ba ya kai ni ko'ina. Sau uku ina fara rubuta mata imel na ƙarin farashi ina gogewa. Nawa zan ƙara, me zan rubuta, kuma yaya zan yi kada in rasa su?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na san abin da ya sa kake gogewa, don ni ma na yi irin wannan gogewar a nan Bauchi. Kana zama ka rubuta ne ba tare da ka tsayar da adadi ba, saboda haka abin da yake fitowa daga hannunka koke ne. Shi kuwa mai koke yana jin kunyar kansa tun kafin ya kai layi na uku. Rufe akwatin imel ɗin tukuna, ka ɗauko takarda da biro, mu yi lissafi. Idan adadin ya tsaya a zuciyarka, rubutun ba zai ci maka minti ashirin ba.

Mu fara da abin da naira 10 ɗinka take a 2019. A wannan shekarar litar fetur naira 145 ce. Kalma dubu ɗaya tana ba ka naira 10,000, wato kusan lita 69. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin ya yi tsalle, har ya haura naira dubu a ƙarshen 2024. Ko da mun yi lissafi a kan naira 900, kalma dubun nan yanzu lita 11 take saya maka. Aikin bai ragu ba, idonka da bayanka suna shan wahalar da suka saba sha, amma man da kake zubawa a janareta don ka gama aikin ya cinye ladan. Sannan a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma da data kake karɓar aiki, da ita kake mayarwa.

Akwai ma'auni biyu da nake so ka riƙe, domin su ne za su nuna maka ƙasa da sama. Na farko mafi ƙarancin albashi. A 2019 aka mayar da shi naira 30,000, a Yulin 2024 aka mayar da shi naira 70,000. Idan ka bi wannan hawan, naira 10 ta zama kusan naira 23. Na biyu dala. A 2019 dala ɗaya tana wajen naira 360 a kasuwa, bayan an saki naira a Yunin 2023 ta yi ta faɗuwa har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Idan ka bi wannan, naira 10 ɗinka ta da daidai take da wajen naira 42 a 2024. Ba cewa nake ka nemi 42 ba. Amma ka san da shi, saboda idan ƙungiyar nan da dala ake ba ta tallafi daga waje, to a shekarun nan fassararka ta yi musu araha kusan ninki huɗu, ko da ba wanda ya lura a ofishinsu. Wannan sanin na kwantar maka da hankali ne, kada ka sa shi a imel. Ba ka san sharuɗɗan da masu ba su kuɗi suka gindaya musu ba, kuma shiga aljihun abokin hulɗa ka yi masa lissafi yana ɓata rai.

Ma'aunin da ya fi waɗannan biyun muhimmanci shi ne na gidanka. Zan saka adadi na misali, kai ka cire ka sa naka. Mai fassara da yake tsayawa ya duba aikinsa da kyau, ya daidaita kalmomin lafiya, ya tabbatar ɓ da ɗ da ƙ duk sun zauna a inda ya kamata, da wuya ya wuce kalma 1,500 a rana idan takardar mai nauyi ce. A cikin kwanakin aiki ashirin na wata, ka cire huɗu da suke tafiya a bin kuɗi, amsa saƙonni, gyaran da aka dawo da shi, da ranar da babu wuta kuma janareta ya ƙi tashi. Saura kwana 16, wato kalma 24,000 ke nan iyakar ƙarfinka a wata. A ce gidanka yana buƙatar naira 420,000 a wata, abinci da haya da kuɗin makaranta da magani, aikin kansa kuma yana cin naira 100,000, mai da data da kuɗin wuta da ɗan abin da kake ajiyewa don ranar da kwamfuta za ta mutu. Jimla 520,000. Ka raba da 24,000, za ka samu kusan naira 22. Idan kuma suna cire maka harajin kashi 5 kafin su biya, kamar yadda ake cire min, sai ka raba 22 da 0.95, ya zama wajen naira 23. Wannan ita ce ƙasanka. Duk kalmar da ka fassara a kan abin da bai kai haka ba, kai ne kake ciko daga wani wuri, ko daga barcinka, ko daga tukunyar gidanka.

Da ni ne, naira 25 zan nema. Tana sama da ƙasanka kaɗan, yadda ko an taya akwai wurin motsi, kuma ta yi ƙasa sosai da 42.

Matsalar ita ce daga 10 zuwa 25 ninki biyu da rabi ne. Duk akawun da ya ga wannan a takarda sai ya ɗaga kai. Kuma gaskiya tsakani da Allah, wani ɓangare na wannan tsallen daga shirunka ya fito. Da kana ƙara 'yar naira biyu ko uku kowace shekara, da yanzu kana wajen 25 ba tare da kowa ya ji zafi ba. Shi ya sa nake ganin adalci ne ka raba ƙarin hawa biyu: naira 18 daga 1 ga Janairu, naira 25 daga 1 ga Yuli. Ka lura 18 ba ta kai ƙasanka ba. Rangwame ne kake yi musu na wata shida, naira 7 sau kalma 72,000, wato naira 504,000 da ka bar musu. Kada ka yi shi a ɓoye. Ka ambace shi a imel a matsayin abin da ka yi musu saboda daɗewar hulɗa, domin rangwamen da ba a faɗa ba farashi ne kawai a idon mai biya. Kuma dole hawa na biyu ya kasance a cikin imel ɗin farko da ranarsa. Idan ka ce 18 kawai da niyyar komawa daga baya, to ka ɗora wa kanka wannan nauyin bakin sau biyu, kuma karo na biyu ya fi wuya, don za a ce ai kwanan nan muka ƙara maka.

Yanzu maganar lokaci, wadda a nan ne na taɓa ƙonewa. Shekarun baya ina yi wa wani ofishi aiki, na gaji da tsohon farashi, sai kawai na rubuta sabo a takardar neman biya na tura, ina ganin ai mun saba, za su gane. Wanda yake ba ni aikin ya gane, har ya sa hannu. Amma takardar ta je ofishin kuɗi ta tsaya, saboda farashin da ke kanta bai yi daidai da wanda ke cikin takardar odar aiki da kwantiragi ba. Akawun ba shi da ikon biyan abin da ya saɓa wa kwantiragi, in ya biya masu binciken kuɗi za su tuhume shi. Wata uku kuɗina yana kwance, a ƙarshe na sake rubuta takardar a kan tsohon farashi, kuma na jefa mutumin da yake ƙaunata cikin kunya a gaban abokan aikinsa. Laifina ne, ba nasu ba. Tun daga ranar na fahimci cewa a ƙungiya, wanda yake ba ka aiki ba shi ne mai yanke farashi ba.

Wannan ya shafe ka kai tsaye. Hajiya jami'ar shiri ce, akwai kasafin kuɗin da aka riga aka amince da shi, da layi guda na fassara da buga takardu. Kafin ta biya ka 25 sai ta nemi a gyara kwantiraginka, wataƙila ma sashen saye ya ce dokarsu sai an karɓi takardar farashi daga mutum uku an gwada. Duk wannan yana cin makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka ba su aƙalla kwana sittin, kuma ka tambaye ta yaushe shekarar kuɗinsu take farawa. Wasu Janairu ne, waɗanda suke bin tsarin gwamnatin Amurka kuma 1 ga Oktoba ne. Imel ɗin da ya iso lokacin da ake rubuta sabon kasafi yana shiga cikin lissafi salin alin. Wanda ya iso wata biyu bayan an rufe kasafi, ko Hajiya tana so, hannunta a ɗaure yake.

To idan ka gane haka, za ka ga waye ainihin mai karanta imel ɗinka. Da sunan Hajiya za ka rubuta, amma ita turawa za ta yi ga shugabanta da ofishin kuɗi, mutanen da ba su san ka ba, ba su san ka taɓa kwana kana gama musu takardar rigakafi ba. Aikin imel ɗin shi ne ya zama abin da za ta riƙe ta shiga ofishin shugabanta ba tare da ta ƙara bayani ba. Shi ya sa bai kamata ya ɗauki maganar kuɗin makarantar yara ko rashin lafiyar Inna ba. Wannan tsakaninka da ita ne, idan ma za a yi. Da zarar ka sa shi a rubuce, ka mayar da maganar farashi neman taimako, shi kuwa taimako ana yin sa ne sau ɗaya gwargwadon hali, a ba ka dubu hamsin a ce Allah Ya rufa asiri, farashin ya zauna inda yake.

Kuma kada imel ya zama farkon inda za ta ji maganar. A wurinmu, mutumin da ka saba gaisawa da shi, ka je masa barka da ta'aziyya, in ya buɗe akwati ya tarar da takarda mai adadi da rana ba tare da ka yi masa magana ba, zai ji kamar ka kai shi ƙara. Ka kira ta, ko ka leƙa ofis in kana kusa. Bayan gaisuwa ka ce: "Hajiya, akwai maganar farashin aikinmu. Tun 2019 ban taɓa shi ba, yanzu ya zama dole in gyara. Na ga bai dace ki gan shi a rubuce ba tare da kin ji daga bakina ba. Gobe in sha Allah zan turo miki a rubuce don ki samu abin da za ki nuna wa ofishin kuɗi." Ka tsaya a nan. Idan ta ce nawa ne, ka faɗa mata adadin biyu da ranakunsu, amma kada ka yarda a yi ciniki a waya. A waya kunya ce take yin ciniki, ba kai ba. In ta ce haba ƙanena, ka ce ki duba takardar tukuna, sai mu zauna.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ne kai. Na yi misalin ne kamar a Oktoban 2025 aka tura shi, ka gyara ranakun su dace da kai.

Kan magana: Sabon farashin fassara daga 1 ga Janairu 2026

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Kamar yadda muka yi magana jiya, na rubuto ne in sanar da ku gyaran farashin aikin fassara da nake yi muku daga Turanci zuwa Hausa.

Tun da muka fara aiki tare a 2019 farashin yake naira 10 kowace kalma, ban taɓa sauya shi ba. A tsawon wannan lokaci kuɗin gudanar da aikin, musamman mai, wuta da data, ya ninka fiye da sau biyu, kuma tsohon farashin ba ya iya ɗaukar aikin a yadda kuka saba karɓarsa.

Sabon farashina naira 25 ne kowace kalma. Saboda daɗewar hulɗarmu, kuma don ku samu damar shigar da shi cikin kasafi, zan kai gare shi a hawa biyu: naira 18 daga 1 ga Janairu 2026, sannan naira 25 daga 1 ga Yuli 2026. Ana ƙirga kalmomin ne daga takardar Turanci da kuka turo, kamar yadda muka saba. Duk aikin da na karɓa kafin 1 ga Janairu yana nan a kan naira 10, ko da bayan ranar na miƙa shi.

A kan yawan aikin da muke yi yanzu, wajen kalma 12,000 a wata, wannan zai kama naira 216,000 a wata daga Janairu zuwa Yuni, da naira 300,000 a wata daga Yuli zuwa Disamba, jimla naira 3,096,000 a shekarar.

Farashin ya haɗa da duba aikin kafin miƙawa, kula da jerin kalmomin lafiya da muka tara tare a shekarun nan don takardunku su riƙa magana da murya ɗaya, da zagaye ɗaya na gyara bayan ma'aikatanku sun gwada takardar a cikin jama'a.

Idan akwai takardar da ofishin kuɗi yake buƙata daga gare ni don gyara kwantiragi, a sanar da ni in kawo. Zan ji daɗi in samu amsarku kafin 15 ga Nuwamba, don mu kammala komai kafin ƙarshen shekara.

Na gode da amanar da kuka ba ni tsawon shekarun nan, kuma ina fatan mu ci gaba.

Wassalam.

Idan ofishinsu da Turanci yake ajiye takardu, ka rubuta wannan ɗin da Turanci, tsarin bai sauya ba.

Bari in nuna maka abin da ya sa wasu layukan suke wurin. Na ce "in sanar da ku", ban ce "ina roƙon a duba" ba. Bambancin ba girman kai ba ne. Roƙo yana da amsa mai sauƙi, wato a yi haƙuri sai an samu hali, kuma ba wanda zai ji ya yi maka laifi. Sanarwa kuwa tana tilasta a zauna a yanke shawara. Haka kuma babu ban haƙuri a ciki ko sau ɗaya. Ladabin yana cikin gaisuwa, da kiran da ka riga ka yi, da wata shidan da ka ba su. In ka cika shi da "ku gafarce ni" da "ba don dole ba", akawun da bai san ka ba zai karanta cewa kai kanka ba ka yarda da adadin ba.

Dalilin kuma jimla ɗaya ce tak. Na san akwai sha'awar jera farashin buhun shinkafa da na masara da kuɗin Keke daga Pantami zuwa cikin gari. Hajiya a Gombe take, kasuwar da kake shiga take shiga, ba ta buƙatar wa'azi a kan tsadar rayuwa. Kuma kowane dalili da ka ƙara ƙofa ce ta gardama. In ka jingina komai a kan farashin fetur, ranar da lita ta sauka da naira hamsin za a tambaye ka ko za ka rage.

Sakin layin da ya fi kowanne yi maka aiki shi ne na jimlar shekara. Ofishin kuɗi ba ya tunani da naira kaza kowace kalma, yana tunani ne da abin da zai rubuta a layin kasafi. Idan ka bar su su yi lissafin da kansu, abin da za su fara gani shi ne ƙarin kashi 150 cikin ɗari, su firgita. Idan ka ba su naira 3,096,000 a shekara, za su ajiye ta kusa da kuɗin buga takardu da na taron horarwa, su ga girmanta na gaskiya.

Maganar ƙirga daga takardar Turanci kuma kada ka bar ta, ko da kun saba. Hausa tana fin Turanci yawan kalmomi idan an fassara, saboda abin da suke faɗa da kalma ɗaya mu sau da yawa sai mun yi biyu ko uku. Ƙirga daga fassarar zai ba ka kuɗi fiye, amma mai biya ba zai san abin da zai biya ba sai an gama, kuma wata rana wani zai zarge ka da jan magana don ƙarin kuɗi. Ƙirga daga asali yana ba kowa adadi tun kafin a fara.

Game da jerin kalmomin nan, kada ka ɗauke shi ƙaramin abu. Shekara shida kana yanke yadda za a ce tazarar haihuwa, da awon ciki, da tamowa, da yadda za a rubuta umarnin shan magani yadda matar da ke ƙauyen Dukku ko Nafada za ta gane idan an karanta mata. Sabon mai fassara zai iya karɓar naira 12, amma sai ma'aikatansu sun yi watanni suna gyara masa kafin ya kai inda kake. Hajiya ta san haka. Layin nan na cikin imel yana ba ta hujjar da za ta rubuta idan sashen saye ya ce ga wanda ya fi araha. Amma ka faɗi abin da kake yi da gaske kawai. In ba ka da jerin a rubuce, zauna ka tattara shi a takarda ɗaya kafin ka tura imel ɗin.

Saura tsoron rasa su, kuma ba zan ce maka ba zai yiwu ba. Tun farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin USAID, ƙungiyoyin lafiya da dama a Arewa suka rage ayyuka da ma'aikata. Zai yiwu Hajiya ta ce maka wallahi babu kuɗin, kuma gaskiya take faɗa. Amma ka yi wannan lissafin kafin tsoro ya yanke maka hukunci. Yanzu kalma 12,000 tana ba ka naira 120,000. A kan 18, kalma 6,700 ta ishe ka ka samu wannan kuɗin. A kan 25, kalma 4,800 kawai. Wato ko sun rage aikin da suke ba ka da kashi 60 cikin ɗari, abin da yake shiga aljihunka bai ragu ba, kuma ka samu kusan kwana biyar a wata da za ka sayar wa wani a kan sabon farashi. Abin da zai cutar da kai shi ne su tafi gaba ɗaya, shi ya sa a wata biyun da ka ba su, kai ma kada ka zauna. Ka fara faɗa wa duk sabon mai kawo aiki naira 25 daga yau. In mutum biyu suka biya ba gardama, ka san adadin ya zauna a kasuwa, kuma za ka shiga zama da Hajiya ƙafarka a ƙasa.

Idan suka dawo suka ce kasafinsu ba zai wuce, misali, naira 180,000 a wata ba, kada ka sauke farashin kalma don ya dace da kuɗin. Ka rage aikin. Ka ce musu a kan 18 wannan kuɗin kalma 10,000 ne, a kan 25 kuma 7,200, su zaɓi takardun da jama'a za su karanta ko su ji a rediyo su ba ka, rahotannin cikin gida kuma ma'aikatansu su yi. Ko ka ɗage ranar hawa na biyu daga Yuli zuwa Oktoba in shekarar kuɗinsu a nan take farawa. Ko, in kana aiki da manhaja irin su Trados ko OmegaT, ka yi musu ragi a kan jimlolin da suke maimaituwa, domin takardun horarwa cike suke da su, kuma wannan ragi ne da ba ya cin ranarka. Ko ka karɓi 23 a kan sharaɗin su biya cikin kwana goma sha huɗu maimakon wata biyu. Duk abin da ka sauke, ka karɓi wani abu a madadinsa, kuma kada ka sauka ƙasa da 23 a matsayin farashin dindindin. In suka ce 15 kuma ba hawa na biyu, ka yi godiya, ka gama aikin da ke hannunka da kyau, ka bar ƙofa a buɗe. Na ga waɗanda suka tafi suka dawo bayan takarda ɗaya ta fita da kuskure a adadin magani.

Abin da ya fi faruwa ma ba ƙi ba ne, shiru ne. Imel ya tafi, mako uku ba amsa, sai ga sabon aiki ya shigo kamar ba a yi komai ba. Kada ka ɗauki shirun a matsayin yarda, kada kuma ka ɗauke shi fushi, yawanci takardar tana kan teburin wani ne. Bayan kwana goma ka tura layi biyu a ƙarƙashin imel ɗin farko, ka tambaya ko akwai abin da ake buƙata daga gare ka. Sannan aikin farko da ya shigo bayan 1 ga Janairu, kafin ka fassara ko kalma ɗaya, ka amsa da cewa: "Na karɓa. Kalma 3,200 ne, a kan naira 18 ya kama naira 57,600. Da zarar kun tabbatar zan fara." Ka jira tabbacin a rubuce, ko da Hajiya ta kira ta ce ka fara kawai za a daidaita. Ka ce mata to ki turo min layi ɗaya, yanzun nan zan kama.

Idan an daidaita aka zo gyara kwantiragi, ka nemi a saka jimla ɗaya: za a riƙa duba farashin kowace shekara a watan da suke rubuta kasafi, da sanarwar kwana sittin. Ka sa ranar a wayarka tun yanzu, kuma idan ta zo ka tura takardar ko da naira biyu ce kawai za ka ƙara.